Inshorar tarzoma, yajin aiki da hargitsi: me ya sa ake cire ta daga inshorar gobara?

A ranar 1 ga Agustan 2024, zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe a Kano. Aka fasa shaguna da rumbunan ajiya, aka wawashe cibiyar fasahar zamani ta hukumar NCC wadda ko buɗe ta ba a kai ga yi ba, har gwamnatin jiha ta kafa dokar hana fita ta awa 24. Shekara huɗu kafin nan, a watan Oktoban 2020, Legas ta ga abin da ya fi haka muni bayan zanga-zangar EndSARS. An ƙona gwamman motocin BRT a Oyingbo da Ojodu Berger, an cinna wa gidan talabijin na TVC da hedikwatar hukumar tashoshin jiragen ruwa wuta, an kwashe kayan manyan kantuna a Lekki da Surulere. Daga baya ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya, NIA, ta ce mambobinta sun biya diyyar kimanin naira biliyan 11 a kan ɓarnar EndSARS.

Wannan adadi yana nuna cewa kamfanonin inshora suna biyan asarar tarzoma. Amma ba kowa suke biya ba. Mutum biyu za su iya zama maƙwabta a layi ɗaya, kowanne da takardar inshorarsa, wuta ɗaya ta cinye shagunansu, a biya ɗaya a hana ɗaya. Bambancin yana cikin 'yan layuka kaɗan a takardar, waɗanda a harkar inshora ake taƙaita sunansu da haruffa huɗu, SRCC, wato kariya daga yajin aiki, tarzoma da hargitsin jama'a.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, inshorar gobara zalla ba kowace gobara take biya ba. Tana biyan wutar da ta tashi bisa tsautsayi: wayar lantarki ta haɗu, janareta ya kama, tsawa ta faɗo. Idan kuwa taron jama'a ne suka zo da fetur suka kunna, tsohon sharaɗin da ke cikin takardar ya cire wannan, sai fa in an sayi ƙarin kariya. A Najeriya an fi sayar da wannan ƙari a cikin takardar da ake rubuta wa suna Fire and Special Perils, wadda ke haɗa gobara da wasu haɗurra na musamman kamar ambaliya, guguwa da tarzoma. Haka abin yake a mota. Inshorar dole ta naira 15,000 wanda ka yi wa ɓarna kawai take biya, ba ta biyan motarka ko da me ya same ta. Ita ma cikakkiyar inshorar mota, galibi sai an ƙara kuɗi kafin ta ɗauki motar da aka farfasa ko aka ƙona a hargitsi.

Dalilin ware ta

Da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin wayon kamfani. Akwai wayo a harkar inshora, ba na musun haka, amma a nan akwai dalili na lissafi wanda ya kamata a ji.

Inshora tana tsaye ne a kan cewa masifa ba ta faɗa wa kowa rana ɗaya. Kamfani ya karɓi kuɗi kaɗan daga shago dubu, ya san a shekara ƙila biyar ko goma ne za su ƙone, kuma gobarar Sabon Gari ba ta da alaƙa da ta Kurmi. Kuɗin waɗanda suka tsira shi ke biyan waɗanda abin ya shafa. Tarzoma tana rushe wannan lissafi. Abin da ya tayar da ita a Kano shi zai tayar da ita a Kaduna, Katsina da Gombe a yini guda, kuma a kowane gari tituna iri ɗaya take bi, inda manyan kantuna, bankuna da rumbunan abinci suke, wato daidai wuraren da suka fi yin inshora. Kamar adashe ne a ce duk masu zubi sun zo neman kwasa a rana ɗaya. Ga shi kuma ranar tarzoma motar kashe gobara ba ta iya fita, 'yan sanda sun yi kaɗan, maigadi ya gudu da ransa. Wutar da za a kashe cikin rabin awa a ranar zaman lafiya sai ta kwana tana ci.

Sannan babu ma'aunin da zai faɗa wa kamfani sau nawa abin zai faru. Ambaliya tana da tarihin ruwan sama, gobara tana da ƙididdigar shekaru. Fushin jama'a kuwa yana iya kwanciya shekara goma, sannan ƙarin kuɗin mai, sakamakon zaɓe ko bidiyo guda ya tashe shi. Kuma mai saye ya fi kamfani sanin unguwarsa. Da a ce kariyar tana nan a buɗe kowane lokaci da farashi ɗaya, da ba wanda zai saya sai ana saura mako biyu zaɓe ko an sanar da ranar zanga-zanga. Shi ya sa kamfanoni ke ƙin sayar da ita idan iska ta fara kaɗawa, kuma takardu da yawa suna ba kamfani damar janye wannan ɓangare bayan sanarwar 'yan kwanaki.

A bayan kamfanin da kake gani akwai wani da ba ka gani. Kowane kamfanin inshora yana miƙa wani kaso na haɗarin da ya ɗauka ga manyan kamfanonin da ke yi wa kamfanonin inshora inshora, kuma abin da waɗannan suka ƙi ɗauka, da wuya ƙaramin ya ɗauka shi kaɗai. Daga 2019 zuwa 2021 waɗannan manya sun sha asara a jere: tarzomar Chile a 2019, ta Amurka bayan kisan George Floyd a 2020 wadda diyyarta ta haura dala biliyan 1, sai ta Afirka ta Kudu a 2021. Bayan haka suka tsaurara sharuɗɗa, suka ƙara farashi, suka sa iyaka a kan abin da za su biya a tarzoma guda. Abin da aka saba haɗawa kusan kyauta a cikin inshorar dukiya sai ya koma kaya mai farashinsa.

Afirka ta Kudu ita ce ta fi nuna girman al'amarin. Bayan boren Soweto na 1976, kamfanonin ƙasar suka ja da baya daga ɗaukar ɓarnar da ke da nasaba da siyasa. A 1979 aka kafa Sasria domin wannan haɗari kaɗai, kuma yau mallakar gwamnati ce. Mutum yana sayen kariyarta ta hannun kamfanin inshorarsa na yau da kullum, a matsayin ƙari. Shekaru da dama tana tara kuɗi. A watan Yulin 2021, bayan ɗaure tsohon shugaba Jacob Zuma, aka yi kusan mako guda ana wawaso da ƙone-ƙone a KwaZulu-Natal da Gauteng, mutane fiye da 300 suka mutu. Buƙatun diyya suka kai wajen rand biliyan 32, suka fi ƙarfin abin da Sasria ta tara, sai da gwamnati ta zuba mata rand biliyan 22. Idan asusun da aka gina musamman domin tarzoma, aka yi shekara 42 ana ciyar da shi, ya durƙusa a mako guda, ba abin mamaki ba ne kamfani mai zaman kansa ya ƙi haɗa wannan haɗari cikin kuɗin gobara.

Abin da ƙarin yake biya da abin da ba ya biya

Wanda ya sayi ƙarin SRCC ya sami kariya daga ɓarnar da mutum ya yi wa dukiyarsa yana cikin taron da ya ta da zaune tsaye, da ɓarnar da ma'aikata masu yajin aiki suka yi da gangan, da kuma wadda jami'an tsaro suka yi garin kwantar da tarzomar. Wannan na ƙarshe yana da amfani: idan gwangwanin barkonon tsohuwa ne ya faɗa rumbu ya kunna wuta, yana ciki.

A lura, ɓarna ce ta zahiri ake biya. Batun yajin aiki yakan ruɗi mutane a nan. Idan ma'aikatan masana'anta suka fasa injin, za a biya. Idan kuwa sun ajiye aiki ne kawai, injin sanyi ya tsaya, kaji ko kifin da ke ciki ya ruɓe, ba za a biya ba, domin tsayawar aiki ce ta jawo asarar. Mai shigo da kaya daga China ta tashar Apapa yana fuskantar irin wannan. Sharuɗɗan inshorar kayan jirgin ruwa da duniya ke amfani da su sun cire yajin aiki da tarzoma, ana sayen su ne daban, kuma ko an saya, jinkirin da yajin aikin tasha ya jawo ba ya ciki.

Mu ɗauki misali mu bi shi da lissafi. Misalin ƙirƙira ne, amma yadda ake lissafin haka yake. A ce wani ɗan kasuwa yana da kantin kayan masarufi a bakin babban titi a Kano. Ya yi wa kayan cikin kantin inshora a kan naira miliyan 40 a watan Janairu. Zuwa Agusta farashi ya tashi, kayan da ke ciki sun kai miliyan 50, bai koma ya ƙara ba. Ranar tarzoma aka ɓalle ƙofa, aka kwashe shinkafa, mai da taliya na miliyan 20, aka cinna wuta ta ci kayan miliyan 10. Gyaran ƙofa da kantoci ya ci miliyan 2. Kanti ya yi mako uku a rufe, ribar miliyan 3 ta wuce shi. Asararsa duka miliyan 35 ke nan.

Idan takardarsa ta gobara ce zalla, ba zai karɓi ko kwabo ba, har da kayan da wuta ta ci, domin tarzoma ce ta kunna wutar.

Idan yana da ƙarin SRCC, mai tantance asara da kamfani zai turo zai fara ne da cire abin da ba a yi wa inshora ba. Ƙofa da kantoci sun fita, tunda kaya kawai aka rubuta. Ribar mako uku ta fita, domin asarar ciniki tana da tata inshorar daban, kuma ita ma sai an saka mata tarzoma a ciki. Saura miliyan 30, kuma a nan ne takaddama ta fi tashi. Wasu takardun suna biyan abin da aka lalata ko aka ƙona amma sun cire sata. Mai kanti zai ce, to ai ina da inshorar fasa shago. Sai ya buɗe ta ya tarar ita kuma ta cire duk satar da ta faru a sanadin tarzoma. Miliyan 20 na kayan da aka wawashe sun faɗa tsakanin takardu biyu, kowacce tana nuna ɗayar. A ganina wannan giɓi shi ne mafi haɗari ga ɗan kasuwarmu, domin a tarzomar da muka gani, abin da aka ɗauka ya fi abin da aka ƙona yawa a kantuna da rumbuna.

Idan an cire sata, lissafin zai tsaya a kan miliyan 10. Daga nan sai sharaɗin ƙarancin inshora ya shigo. Kayan miliyan 50 ne, an biya kuɗin miliyan 40, wato kashi 80 cikin 100, don haka kamfani kashi 80 na asarar zai ɗauka: miliyan 8. Sannan akwai kason farko da mai dukiya ke ɗauka da kansa a kowace asara. A ce takardarsa ta sa kashi 10 cikin 100. Abin da zai shiga asusunsa naira miliyan 7.2 ne, a kan asarar miliyan 35. Idan kuwa takardar ta faɗa ƙarara cewa wawaso a lokacin tarzoma yana ciki, lissafin zai tashi daga miliyan 30, ya koma 24, a cire kashi 10, ya karɓi miliyan 21.6. Layi guda a takarda ya raba miliyan 7.2 da miliyan 21.6.

Kada a ɗauka cewa sai gari ya hargitse kafin kamfani ya ce tarzoma ce. A wata tsohuwar shari'a ta 1924, mutum huɗu ɗauke da bindigogi sun shiga gidan burodin Bolands a Dublin suka kwashe kuɗi, unguwa kuwa lafiya lau. Kotun ƙoli ta Birtaniya ta wancan lokaci ta ce a ma'anar doka wannan tarzoma ce, don haka inshorar sata da ta cire tarzoma ba za ta biya ba. Takardun inshorar Najeriya daga na Birtaniya aka gaje su, kuma lauyoyi suna kafa hujja da irin waɗannan hukunce-hukunce. A dokokinmu ma adadin bai da yawa: dokar laifuka ta kudu daga mutum uku take fara ƙirga haramtaccen taro, ta Penal Code a arewa daga mutum biyar.

Inda siyasa ta shigo

Ko takardar da ta haɗa wawaso tana da wata iyaka a sama. SRCC ba ta biyan yaƙi, yaƙin basasa, tawaye, juyin mulki ko ta'addanci. Ba ta biyan hargitsin da ya girma har ya zama boren al'umma, ko aikin mutanen da ke yi wa wata ƙungiya aiki da nufin kifar da gwamnati ko tursasa ta da ƙarfi. Waɗannan suna da tasu kasuwar, ta inshorar ta'addanci da rikicin siyasa, mai tsada, wadda manyan kamfanoni suka fi saye.

Matsalar ita ce babu alamar da ke nuna daidai inda tarzoma ta ƙare bore ya fara. A watan Janairun 1976 an wawashe kantunan kamfanin Spinney's a Beirut. Kamfanin yana da ƙarin tarzoma, ya nemi diyya, aka hana shi, ya kai ƙara London. Alƙali Mustill ya bi abin da ke faruwa a Labanon a lokacin dalla-dalla, ya yanke cewa hargitsin ya kai matsayin boren al'umma, Spinney's ya tashi hannu rabbana. Abin da ya ƙara masa nauyi shi ne wani sharaɗi da har yau ake samu a takardu da yawa: idan kamfanin inshora ya ce asara ta faɗa cikin waɗannan abubuwa da aka cire, mai dukiya ne zai kawo hujjar cewa ba haka ba ne.

A auna wannan da abin da ya faru a Agustan 2024. Wasu masu zanga-zanga a arewa sun ɗaga tutar Rasha, an kuma gurfanar da wasu a kotu bisa zargin cin amanar ƙasa. Zargi ba hukunci ba ne, kuma matashin da ya saɓa buhun shinkafa ya ruga gida ba gwamnati yake son kifarwa ba. A fahimtata irin wannan wawaso tarzoma ce tsagwaronta, kuma kamfanin da ya karɓi kuɗin SRCC ya kamata ya biya ba tare da jan ƙafa ba. Amma ƙofar gardama a buɗe take, kuma ƙaramin ɗan kasuwar da kantinsa ya zama toka ba shi da ƙarfin yin shekara uku yana shari'a. Rikicin bayan zaɓe irin na Afrilun 2011 ya fi wannan ma sarƙaƙiya, domin asalinsa siyasa ce a fili. Wanda shagonsa ke wurin da aka saba samun irin wannan ya kamata ya tambaya tun kafin ya biya, a ba shi amsa a rubuce.

Bayan ɓarna ta auku

Wanda takardarsa ta cika ma yana iya rasa haƙƙinsa saboda sakaci. Ƙa'idar Najeriya ita ce in ba a biya kuɗin inshora ba, babu kariya, don haka takardar da aka sabunta da baki ana jiran a biya daga baya ba ta tare komai. Wa'adin kai rahoton asarar tarzoma yakan fi na sauran gajarta, akwai takardun da kwana 7 kacal suke bayarwa. A sanar da kamfani ko dillalin inshora a rubuce tun ranar farko, ko da dokar hana fita ta hana zuwa wurin. A ɗauki hotuna da bidiyo kafin a share komai, a karɓi rahoton 'yan sanda da na hukumar kashe gobara, kuma kada a zubar da ragowar kayan da suka ƙone sai mai tantance asara ya gani.

Abin da ya fi kayar da 'yan kasuwarmu shi ne hujjar yawan kaya. Mai tantancewa ba zai karɓi "wallahi kayan miliyan 50 ne" ba. Zai nemi rasiɗan sari, littafin shiga da fitar kaya, da bayanan asusun banki. Idan littafin yana cikin aljihun teburin da ya ƙone, magana ta yi wuya. Ɗaukar hoton shafukansa da waya duk ƙarshen wata ya isa ya ceci miliyoyi. Wanda kuma kamfani ya ƙi biyansa ba bisa hujja ba yana iya kai koke hukumar NAICOM, mai sa ido a kan kamfanonin inshora, kafin ya nufi kotu.

Masu takaful kada su ɗauka wannan bai shafe su ba. Tsarin asusun ya bambanta, tunda gudummawa ce ta taimakekeniya tsakanin mahalarta, amma haɗarin bai canza ba, kuma takardar takaful ma tana da jerin abin da ta ɗauka da abin da ta cire.

Ga duk mai shago, rumbu, mota ko masana'anta da ke biyan inshora, shawarata ita ce ya ciro takardarsa a wannan makon, tun gari yana lafiya, ya zauna da dillalinsa. Ya nemi a nuna masa da yatsa inda aka rubuta SRCC. Ya tambaya ko kayan da aka wawashe suna ciki ko waɗanda aka lalata kawai, nawa ne kason da zai ɗauka da kansa, kuma mece ce matsayar kamfanin a kan rikicin zaɓe. Ya duba ko adadin da ya yi wa inshora ya yi daidai da farashin kaya na yau. Idan amsar ba ta gamsar da shi ba, ya nemi a gyara a rubuce da hatimin kamfani, ko ya kai kuɗinsa wani kamfanin.